Tambayoyi da amsoshi: yadda ake gane hujja mai rauni da maganar da ba ta da madogara a cikin matani

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai masu shirin JAMB da WAEC da NECO suke yawan yi min a wajen lesin, sai wasu 'yan kaɗan daga iyaye da ke son su iya tantance saƙonnin da ake turo musu a WhatsApp. Aikin duk iri ɗaya ne, an ba ka rubutu, mai rubutun yana so ya ja ka ka yarda da wani abu, kai kuma za ka duba ko abin da ya kawo ya isa a yarda. Zan tsaya a kan matani guda ɗaya mu feɗe shi sosai, sauran kuma mu bi ta kansu da sauri.

Malam, in aka ce in auna hujjar marubuci, ra'ayina ake tambaya ko me?

A'a ɗan'uwa, kuma a nan ne yawancin yara suke zubar da maki. Ba a tambaye ka ko ka yarda da shi ba, ba a ma tambaye ka ko abin da ya faɗa gaskiya ne a duniya ba. Abin da ake tambaya shi ne, dalilan da ya rubuta a cikin wannan matanin, su kaɗai ɗinsu, sun kai su ɗauki nauyin maganar da ya yanke? Shikenan. Mutum zai iya faɗin gaskiya amma ya kafa ta da dalilin banza, wani kuma ya tsara ƙarya tsaf ta yi kyau a ido.

Ƙa'idar ma ba baƙuwa ba ce a wajenmu, duk wanda ya taɓa zama a kotun alƙali ko ya yi karatun Islamiyya ya san cewa hujja tana kan mai da'awa ne. Marubuci shi ne mai da'awa. Ba aikinka ba ne ka nemo masa shaidu daga abin da ka sani a kanka, in bai kawo ba toh bai kawo ba, ko da kuwa kai ka san inda shaidun suke.

Toh ta ina zan fara? Ni da na karanta sai in ga komai ya haɗe min.

Fara da neman da'awar, wato jimlar da duk sauran rubutun yake yi wa aiki. Sau da yawa tana zuwa bayan kalmomi irin su "don haka", "ke nan", "wannan ya nuna", "ya kamata", ko takwarorinsu na Turanci in da Turanci aka rubuta. Dalilai kuma suna bin "saboda", "domin", "tunda", "misali". Amma kar ka dogara da waɗannan kalmomin ɗari bisa ɗari, akwai marubucin da zai sa da'awarsa a layin farko ba tare da wata alama ba, akwai wanda zai binne ta a tsakiya.

Dabarar da ba ta cika kuskure ba ita ce ka ɗauki jimloli biyun da kake kokwanto a kansu ka sa "saboda" a tsakani, ka karanta ta gaba ka karanta ta baya. "A gyara hanyar saboda motoci suna faɗuwa" ya zauna. "Motoci suna faɗuwa saboda a gyara hanyar" bai zauna ba. Kaga ka gane wace ce da'awa wace ce dalili.

In ka ware su, sauran jimlolin da suka rage za ka ga wasu ba da'awa ba ne ba kuma dalili ba, ado ne kawai, ko zagi, ko neman tausayi, ko maimaita da'awar da wasu kalmomi. Waɗannan ka ja musu layi ka ajiye gefe, suna cika takarda ne amma ba sa ɗaukar komai. Wani matanin mai sakin layi huɗu in ka tace shi haka dalili ɗaya tak za ka samu a ciki.

A ba mu misali mana mu gani a aikace.

Ga wani matani, ni na haɗa shi don darasi amma irin maganar ce da aka yi ta yi a majalisu a wancan lokacin:

"A watan Agustan 2014, da Ebola ta shigo Najeriya, jama'a sun tashi cikin dare sun yi wanka da ruwan gishiri, wasu ma sun sha. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu sauran Ebola a ƙasar. A unguwarmu kowa ya yi wankan kuma ko mutum ɗaya bai kamu ba. Tun kaka da kakanni an san gishiri yana kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa ake sa wa nama da kifi don kada su lalace. Masana da yawa ma sun tabbatar da haka. Masu musun wannan magana 'yan boko ne da ke raina duk abin da ba daga Turai ya zo ba. Don haka ruwan gishiri ne ya ceci Najeriya, kuma duk lokacin da wata annoba ta ɓulla ya kamata gwamnati ta fara da raba gishiri."

Jimla bakwai ce. Da'awar tana ta ƙarshe, kuma in ka lura biyu ce aka goya: gishiri ne ya ceci ƙasa, sannan a riƙa raba shi a kowace annoba. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Jimla ta ɗaya da ta biyu gaskiya ne duka, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. An yi wankan gishirin, waɗanda suka yi wayo a lokacin ba za su manta da yadda waya ta riƙa ƙara tun kafin asuba ba, yaya na kiran ƙanwa, uwa na tashin yara daga barci ana ɗora ruwa a wuta. Kuma ranar 20 ga Oktoba 2014 hukumar ta ce Najeriya ta rabu da cutar. Matsalar ita ce abin da jimlolin biyu suka nuna kawai shi ne wannan ya riga wancan faruwa. Ba su nuna wannan ne ya jawo wancan ba. A tsakanin Agusta da Oktoba ai an yi abubuwa barkatai a ƙasar, an yi ruwan sama, an yi Babbar Sallah, me ya sa gishiri za a ɗauka? Tambayar da za ka yi wa duk hujja irin wannan ita ce, me kuma ya faru a daidai lokacin da zai iya zama shi ne sanadi?

A nan amsar tana da yawa kuma matanin ya yi gum a kanta. Patrick Sawyer, wanda ya shigo da cutar daga Laberiya, ya sauka Legas ranar 20 ga Yuli, kuma likitar da ta duba shi, Dakta Ameyo Stella Adadevoh, ta ƙi sallamarsa duk da matsin lambar da aka yi, ita ma daga baya cutar ta yi ajalinta a watan Agusta. Ma'aikatan lafiya sun bi sawun mutum kusan 900 da suka yi mu'amala da masu cutar, ana zuwa ana auna zafin jikinsu har kwana 21 su cika, wanda ya nuna alama a killace shi. Gaba ɗaya mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu. Marubucin da yake son ya ce gishiri ne, dole sai ya fara nuna mana cewa duk wannan aikin ba shi ne ya tsayar da cutar ba, shi kuwa ko ambatonsa bai yi ba.

Jimla ta uku ita ta fi yaudara saboda tana kama da gani da ido. A unguwarmu kowa ya yi, babu wanda ya kamu. Toh amma cutar ta zo unguwar? Ebola sai an taɓa jini ko gumi ko amai ko wani ruwan jikin mai ɗauke da ita ake kamuwa, kuma a Legas da Fatakwal ta tsaya. Mutumin Kano ko Katsina da ya yi wanka bai kamu ba, maƙwabcinsa da ya ja bargo ya ce shi ba zai tashi ba shi ma bai kamu ba. In wanda ya yi da wanda bai yi ba sakamakonsu ɗaya, wankan bai nuna komai ba ke nan. Duk inda ka ga "sun yi kaza sun samu kaza", nemi waɗanda ba su yi ba ka ga me ya same su, in marubuci bai kawo su ba, rabin labari ya ba ka. Ga kuma kalmar "kowa", wa ya bi gida gida ya ƙirga?

Ta huɗu kwatance ce. Gishiri yana hana nama ruɓewa, gaskiya ne, yana zuƙe ruwan da ƙwayoyin da ke ruɓar da nama suke buƙata. Amma yankan nama da aka turmusa a gishiri da jikin mutum mai rai da aka watsa wa ruwa na minti biyar ba abu ɗaya ba ne, ita kuma ƙwayar Ebola a cikin jiki take hayayyafa inda ruwan wanka ba ya kaiwa. Kwatance yana aiki ne in abubuwan biyu sun yi kama a daidai wurin da ake magana a kai. "Tun kaka da kakanni" kuma tsufan magana kawai yake nunawa.

Ta biyar da'awa ce tsirara, su wane ne masanan, a ina suka faɗa, kuma "haka" ɗin da suka tabbatar wanne ne, cewa gishiri yana adana kifi ko cewa yana maganin Ebola? Ta shida kuwa ba dalili ba ce sam, an bar magana an koma kan masu maganar. Ko da ace da gaske 'yan boko ne masu raini, hakan bai ƙara wa gishiri ƙarfi ba.

Yanzu koma kan goyon nan na ƙarshe. Ko da mun rufe ido mun yarda gishiri ya yi maganin Ebola, daga ina aka samo "duk lokacin da wata annoba ta ɓulla"? Kwalara da sanƙarau da ƙyanda kowacce da hanyar da take bi. An yi magana kan cuta ɗaya an yanke hukunci kan dukkan cututtuka. Sannan matanin ya ɓoye ɓarnar, don jaridu sun ruwaito aƙalla mutum biyu sun mutu wasu da dama an kwantar da su asibiti bayan ɗirkar ruwan gishirin, kuma ministan lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya fito ya ƙaryata maganar.

Na ji ana cewa akwai "zaton da aka ɓoye" a cikin hujja. Yaya zan gano abin da ba a rubuta ba?

Kusan kowace hujja tana da wata magana da marubuci bai furta ba amma sai ta zama gaskiya kafin dalilinsa ya kai shi inda yake son zuwa. Ba laifi ba ne a karan kansa, ba wanda zai iya rubuta komai da komai. Laifin yana zuwa ne in abin da aka yi shiru a kai shi ne ainihin abin da ake jayayya a kansa.

Yadda za ka tono shi: karanta dalilin, karanta da'awar, ka duba wace kalma ce ta bayyana a da'awa wadda babu ita a dalili. Misali wani ya rubuta, "Ɗaliban makarantar nan suna zuwa da wuri kullum, don haka suna da ƙoƙari." Dalili yana maganar sammako, da'awa tana maganar ƙoƙari. Abin da aka ɓoye shi ne duk mai sammako mai ƙoƙari ne. Da ka fito da shi fili ka ga ai ba dole ba ne, wataƙila bulalar mai gadi suke tsoro.

In kuma an ba ka zaɓi huɗu aka ce wanne ne hujjar ta dogara a kai, gwada kife kowanne. Ɗauki zaɓin ka ce "a ce ba haka ba ne", sai ka duba ko hujjar ta rushe. A matanin gishiri, gwada wannan: "mutanen unguwar sun haɗu da cutar." Kife shi, ba su taɓa haɗuwa da ita ba. Nan take jimla ta uku ta zama fanko. Toh wannan shi ne zaton da take tsaye a kai. Gwada wani kuma: "gishiri yana da araha." Kife shi, gishiri yana da tsada. Maganar cewa shi ya ceci ƙasa tana nan yadda take, ba ta ƙaru ba ba ta ragu ba, kaga wannan ba shi ba ne, an sa shi ne don ya ɗauke maka hankali.

Ranka ya daɗe, duk inda aka ce "bincike ya nuna" ko "masana sun ce" ƙarya ce ke nan?

A'a Hajiya, kar kuma mu wuce gona da iri. Ba wanda zai iya gwada komai da kansa, dole a jingina da waɗanda suka sani. Abin dubawa uku ne. An faɗi ko wane ne ta yadda za a iya komawa a bincika? Fanninsa ne yake magana a kai? Kuma abin da ya faɗa shi ne daidai abin da marubuci yake ɗora masa?

Na biyun mutane suna yawan mantawa da shi. Farfesan injiniya in ya yi magana kan maganin ciwon suga, a wannan wurin shi da ni duk ɗaya muke, muƙamin ba ya bin sa zuwa fannin da ba nasa ba. Na ukun kuma shi ne inda marubuta masu wayo suke wasa, bincike zai ce abu "yana iya taimakawa ga wasu", kafin a kai ƙarshen sakin layi ya koma "yana warkarwa". Bi kalmomin da kyau kinga inda suka yi ƙiba a hanya.

Malaman hadisi tun da daɗewa ba sa karɓar "an ce", sai sun ji wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma mutumin abin yarda ne ko a'a. Saƙon da ya zo da "wani babban likita a ƙasar waje ya ce" sannan ya ƙare da "tura wa mutum goma", ba shi da isnadi ko na sisin kwabo.

Amma in aka kawo alƙaluma fa? Ai lamba ba ta ƙarya.

Lambar tana iya zama daidai, abin da aka gina a kanta ya zama shirme. Shahararren misali a Amurka ya faru a 1936. Mujallar Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10 kan zaɓen shugaban ƙasa, sama da miliyan 2 suka dawo, ta ce Alf Landon zai ci da kusan kashi 57 cikin ɗari. Da aka yi zaɓe Franklin Roosevelt ya samu kusan kashi 61, ya lashe jihohi 46 cikin 48 na lokacin, Landon ya tsira da Maine da Vermont kawai. George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayin jama'a da ya tambayi mutane ƙalilan in aka kwatanta, shi ya faɗi wanda zai ci daidai.

Me ya faru? Mujallar ta samo sunaye ne daga kundin masu tarho da rajistar masu mota da masu sayen mujallar, a lokacin da ake cikin matsin tattalin arziki mai tsanani kuma waɗannan kayan masu hali ne. Sannan ko cikin waɗanda aka aika wa, kusan kashi uku cikin huɗu ba su amsa ba, waɗanda suka ɗauki wahalar amsawa kuma sun fi karkata ga masu haushin Roosevelt. Yawan bai gyara komai ba tunda daga gefe ɗaya aka ɗebo. Mai sayen hatsi a Dawanau ya san wannan, ba ya yarda da abin da ke bakin buhu komai yawan da aka ɗebo masa, sai ya ga na tsakiya da na ƙasa.

Don haka in matani ya ce "mutum dubu kaza da aka tambaya", tambayarka ita ce su wane ne, yaya aka zaɓo su, su wa aka bari. Ƙuri'ar da aka yi a Facebook ra'ayin masu babbar waya da data ne waɗanda kuma suka ga damar dannawa, tsohuwar da ke ƙauye ba ta ciki, amma sai ka ga an rubuta "'yan Arewa sun ce".

Sai maganar kashi cikin ɗari da ninki. "Ya ninka sau biyu" zai iya zama daga 2 zuwa 4, zai iya zama daga 2,000 zuwa 4,000. In ba a faɗi daga nawa aka tashi ba, ba ka san komai ba tukuna.

Makarantar yarana ta rubuta a takardar talla cewa duk ɗalibansu sun ci WAEC, don haka su suka fi kowa iya koyarwa. Ina raunin yake?

Mu ɗauka gaskiya suka faɗa. Yara nawa suka zauna? Duka cikin yara 12 da duka cikin yara 300 ba ɗaya ba ne. Yara nawa suka shiga aji huɗu na sakandare tare, nawa suka kai ga jarrabawar da sunan makarantar? In ana tace marasa ƙoƙari a hanya ko a ce su je su yi rajista a wani wuri, sakamakon na waɗanda suka rage ne kawai. "Sun ci" ɗin ma me ake nufi, kiredit biyar har da Turanci da lissafi ko dai kawai ba su faɗi duka ba? Sannan in tun wajen ɗauka sai yaro mai ƙoƙari suke karɓa, ga iyaye masu biyan kuɗin lesin a gida, toh wane kaso ne na malaman makarantar? "Sun fi kowa" kuma kwatance ne da sauran makarantu, alhali ba a kawo sakamakon ko ɗaya ba. Ba ina cewa makarantar ba ta da kyau ba, mai yiwuwa tana da shi sosai, takardar tallar ce ba ta nuna ba.

In na gano hujja tana da rauni, ke nan abin da marubucin ya faɗa ƙarya ne?

A'a. In wani ya ce "taba tana kawo kansar huhu saboda kawuna yana sha kuma ya kamu", hujjarsa mai rauni ce, mutum ɗaya ne, amma maganar gaskiya ce da manyan bincike suka tabbatar tun shekarun 1950. Abin da za ka ce shi ne bai tabbatar ba, ba wai ya yi ƙarya ba. A jarrabawa bambancin nan maki ne, zaɓin da ya ce "marubucin bai kawo isasshiyar shaida ba" da wanda ya ce "maganar marubucin ba gaskiya ba ce" suna yawan zuwa tare, kuma na biyun sau da yawa tarko ne.

A JAMB ai babu lokacin duk wannan feɗe-feɗen.

Gaskiyarka. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, in ka raba daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. Feɗewar a gida ake yinta har ido ya saba, a ɗakin jarrabawa abu biyu kawai za ka yi.

Na farko, karanta tambayoyin kafin matanin don ka san me kake nema. Na biyu, auna nauyin kalmomi. In matani ya ce "wasu manoma", zaɓin da ya ce "dukkan manoma" ya fita. In ya ce "mai yiwuwa", zaɓin da ya ce "tabbas" ya fita. Kalmomi masu ma'anar duka, kullum, ko kaɗan, shi kaɗai, suna buƙatar shaida mai nauyi sosai domin misali ɗaya ya isa ya karya su, shi ya sa ba su cika zama amsa ba sai in matanin da kansa ya yi amfani da su.

Tarkon da ya fi kama yara masu ƙoƙari kuma shi ne zaɓin da gaskiya ne a duniya amma babu shi a matanin. Yaro ya karanta shi a darasin kimiyya, ya san haka ne, sai ya danna. In tambayar ta ce bisa ga matanin, toh sai abin da za ka iya ɗora yatsa a kai a cikin rubutun. Masu shirin GMAT ko LSAT don karatu a waje su kuma za su haɗu da tambayoyin wanne zaɓi ne ya fi raunana hujjar ko ya fi ƙarfafa ta, a can an yarda ka ɗauki zaɓin a matsayin gaskiya, abin da kake nema shi ne wanda ya taɓa zaton nan da aka ɓoye.

In rubutawa aka ce in yi, yaya zan tsara amsar?

Kar ka tsaya a "wannan hujja ba ta da ƙarfi", mai makin ba abin da zai ba ka a kai. Nuna jimlar, faɗi abin da ya ɓace, sannan ka faɗi shaidar da za ta cike gurbin. Ga yadda zan rubuta kan jimla ta uku ta matanin gishiri:

"Marubucin ya kafa hujja da cewa babu wanda ya kamu a unguwarsu bayan wankan. Wannan zai zama shaida ne kawai in mutanen sun haɗu da cutar, kuma bai nuna haka ba. Bai kuma gaya mana halin waɗanda ba su yi wankan ba. Da ya kawo mutanen da suka yi jinyar masu Ebola, ya nuna waɗanda suka yi wankan a cikinsu sun fi tsira fiye da waɗanda ba su yi ba, da maganarsa ta samu madogara."

In raunin ya kai biyar ko shida kamar na wannan matanin, kar ka jera su duka da layi ɗaiɗai. Ɗauki biyu ko uku mafiya girma, waɗanda in sun faɗi da'awar ta faɗi, ka yi musu bayani irin na sama. A nan zan ɗauki rashin kawar da sauran dalilai, da maganar unguwa, da tsallen da aka yi daga Ebola zuwa kowace annoba. Zagin 'yan boko layi ɗaya ya ishe shi.